Ganyen okid ɗina ya yamushe, saiwoyin sun koma launin azurfa: ƙishirwa ce ko ruɓewa?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon shukar furen nan okid ku taimaka min da shawara. Nawa irin falanofsis ne, mai faffaɗan ganye. Ganyensa biyar, kuma biyu na ƙasa sun yamushe, sun yi laushi, har da wasu layuka a tsaye a jikinsu. A da idan na taɓa su da ƙarfinsu nake ji, yanzu kuwa sai su lanƙwashe a hannuna. Wajen wata biyu da suka wuce na sauya masa tukunya, na sa shi a ta roba wadda ake ganin cikinta, mai faɗin santimita 12, na cika ta da sabon ɓawon itace. Saiwoyin da nake hangowa ta jikin robar duk launin azurfa ne. Ina zuba masa rabin kofin ruwa sau ɗaya a mako, don an yi ta gargaɗina cewa yawan ruwa ne ke kashe shi. To yanzu in ƙara ruwan ne ko in rage?

Abba:
Wa alaikumus salam Anti. Ki dakatar da ruwan nan tukuna. Yamushewar ganye a okid galibi ruɓewar saiwa ce. Saiwa ta mutu, ruwa ba ya hawa, ganye ya yanƙwane, mai shi ya ga haka ya ƙara ruwa, shi ke nan ya ƙarasa shi. Ki tuge shi daga tukunyar yau ɗin nan, ki yanke duk saiwar da ba koriya ba, ki barbaɗa garin kirfa, ki bar shi ya sha iska.

Sadiya:
Ni ma farin nan na taɓa gani a nawa, ashe ƙwari ne, masu taruwa a gindin ganye. Auduga na tsoma a sifirit na goge su ɗaya bayan ɗaya. Ki duba ƙarƙashin ganyen da kyau Yaya.

Maman Iman:
Sadiya na duba, babu ƙwaro ko ɗaya. Ba wani abu ne ya hau kan saiwar ba, ita kanta ce launinta haka, sumul da ita.

Malam Garba:
Maman Iman, kada ki kai almakashi kusa da shukar nan tukuna. Abba, rabin maganarka gaskiya ce: saiwa idan ta ruɓe ganye yana yamushewa. Amma idan ruwa bai isa ba ma haka yake yi, kuma yamushewar iri ɗaya ce, ido ba ya bambanta su. Abin da ganyen yake faɗa kawai shi ne ruwa ba ya zuwa masa. Ko babu ruwan ne a tukunya, ko babu saiwar da za ta ɗauko shi, wannan sai an tambayi saiwar.

Inda ba zan bi ka ba shi ne yanke duk wadda ba koriya ba. Da haka za a datse lafiyayyun saiwoyi. Falanofsis asalinsa a dazukan kudu maso gabashin Asiya yake, irin su Filifin da Indunisiya, kuma ba a ƙasa yake tsirowa ba, a jikin bishiya yake maƙale, saiwoyinsa a fili suna shan iska. Shi ya sa saiwar take da wata riga mai kauri da ake kira belamen. Rigar nan matattun ƙwayoyin halitta ne masu rami a ciki. Idan ta bushe iska ce ke cika ramukan, sai ki ga fari ko azurfa. Idan ruwa ya shiga ya kori iskar sai rigar ta zama garai-garai, koren da ke ƙarƙashinta ya bayyana, kamar yadda farin ƙyalle idan ya jiƙe ake ganin abin da ya rufe. Saboda haka launin azurfa shi ne launin lafiyayyar saiwa idan ta bushe.

Ga abin da za ki yi. Ki samo roba mai zurfi, ki sa tukunyar a ciki, ki zuba ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai sanyi ba, har ya kusa bakin ɓawon amma kada ya taɓa gindin ganye. Ki ɗora hannu a kai da farko don sabon ɓawo yana tasowa. Ki bar shi minti 20, ki ɗaga, ki bari ya tsiyaye sosai, sannan ki zo ki faɗa mana launin saiwoyin. Idan kina da ɗan sikelin kicin, ki auna tukunyar kafin jiƙawa da kuma bayan ta gama tsiyaya.

Abba:
Malam da girmamawa, idan fa ruɓewar ce, ba ƙara masa ciwo za a yi ba da wannan jiƙon?

Malam Garba:
Jiƙo ɗaya na minti 20 ba ya ruɓar da saiwa, Abba. Abin da ke ruɓar da ita shi ne zama cikin danshi kwana da kwanaki ba iska. Idan ma ta riga ta ruɓe, minti 20 ba zai ƙara komai ba, kuma zai nuna mana wadda ta mutu. Tuge shuka kuwa yana da nasa illar, musamman wadda ba ta daɗe da sauya tukunya ba. Saiwar da ta fara kama ɓawo za ta tsattsage. Shi ya sa nake farawa da gwajin da ba ya karya komai.

Anti Ladi:
Ni dai ban taɓa shan wannan wahalar ba. Ƙanƙara uku nake ɗorawa a kan ɓawon duk mako, shi ke nan, kuma nawa yana fure abinsa. Haka aka rubuta a takardar da ta zo da shi. Ki gwada 'yar uwa, ba auna wani abu ba jiƙa wani abu.

Nura:
Anti Ladi ƙanƙara a kan shukar ƙasashen zafi? Ai kashe saiwa take yi.

Anti Ladi:
To nawa dai bai mutu ba, Nura.

Malam Garba:
Nura, batun ƙanƙara bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2017 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da Jami'ar Jojiya a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da falanofsis a cikin ɓawo, wasu ana ba su ƙanƙara uku a mako, wasu ruwa, kuma ba su ga ƙanƙarar ta rage daɗewar fure ko ta lalata saiwa ba. Sai dai gwajin na 'yan watanni ne, a kan lafiyayyun shuke-shuke da suka riga suka kama tukunyarsu. Ni abin da ke damuna da ita yawanta ne. Ƙanƙara uku idan ta narke ba ta wuce rubu'in kofi ba. Ɓawon Anti Ladi ina zaton ya kwana biyu, ya koyi riƙe ruwa, kuma narkewar a hankali tana ba shi damar sha. Na Maman Iman sabo ne, shukar kuma ta riga ta jigata. Ba zan ba ta wannan shawarar yanzu ba.

Maman Iman:
Malam na yi yadda ka ce. Kafin jiƙawa tukunyar giram 305 ce. Bayan minti 20 da tsiyayewa ta koma 380. Saiwoyin da ke jikin robar kuwa ina kallo suka sauya, tun kafin minti ɗaya ya cika sun fara korewa, yanzu shar da su. Na ƙirga bakwai da suka yi kore. Amma akwai biyu da ba su sauya ba, launinsu ruwan ƙasa-ƙasa, sun shafe, ba su da kauri. Akwai kuma wata a can ƙasa da nake hangowa ta ramin gindin tukunyar, ita fara ce mai ɗan rawaya, ba ta yi kore ba ko kaɗan. Ita ma ta mutu ke nan?

Malam Garba:
Madalla. Saiwa bakwai masu rai sun ishi shuka mai ganye biyar. Ƙishirwa ce ke damunsa.

Bari in faɗa miki yadda abin ya faru. Sabon ɓawo da farko ba ya karɓar ruwa, zamewa ruwan yake yi ta jikinsa. Idan aka zuba rabin kofi daga sama, sai ya bi hanya ɗaya tsakanin gutsattsarin ya fice ta ƙasa cikin 'yan daƙiƙu, kashi mafi yawa na ɓawon bai ma san an yi ba. Shi ya sa masu sauya tukunya suke jiƙa ɓawon dare guda kafin su yi amfani da shi. Idan kina so ki tabbatar da kanki, ranar da ya sake bushewa ki zuba rabin kofin nan yadda kika saba, ki auna. Za ki ga abin da ya ƙaru bai kai kusa da giram 75 da jiƙon ya ba ki ba. Falanofsis kuma ba shi da kumburarren kara na ajiyar ruwa irin na wasu okid, katiliya misali. Ajiyarsa a ganye da saiwa take. Da ruwa ya yanke sai ya fara janye na tsofaffin ganye don ya ciyar da na sama, shi ya sa na ƙasa suka fara yamushewa.

Ita wadda ke ƙasa mai launin rawaya, kada ki taɓa ta. Saiwar da ta girma a tsakiyar tukunya inda haske ba ya kaiwa ba ta yin kore, ko an jiƙa ta fara ko rawaya za ta zauna, kuma tana aikinta daidai. A nan ne launi yake yaudarar mutane. Hukuncin ƙarshe na yatsa ne: saiwa mai rai tana da tauri idan an matsa, ko wane launi ce. Matacciya ko dai ta yi taɓo ta fashe da ruwa, ko ta zama fanko, rigar ta zare a hannu ta bar siririn zare a tsakiya. Biyun nan da suka shafe sun mutu, amma bushewa suka yi, ba sa cutar da kowa. Ki bar su sai ranar da za ki sake sauya ɓawo.

Abba:
Na yarda a wannan karon ƙishirwa ce. Amma Malam, saiwoyin jikin roba kawai muka gani. Ni abin da na tarar a nawa, na waje duk kore ne shar, da na buɗe tsakiya sai ga dunƙulen gansakuka da aka raine shi a ciki tun yana ƙarami, jiƙe jagab, saiwoyin cikinsa duk sun yi baƙi. Tukunya mai nuna ciki ba ta nuna min wannan ba.

Malam Garba:
Wannan magana ce mai kyau, kuma nan ne iyakar tukunyar. Gefe take nunawa, gefe kuma shi ke fara bushewa. Masu rainon okid da yawa suna fara shi a cikin matsattsen dunƙule na gansakuka, idan ya girma su zura shi a babbar tukunya su zagaye da ɓawo ba tare da sun cire dunƙulen ba. Sai a samu tukunya ɗaya mai yanayi biyu, waje ya bushe cikin kwana huɗu, tsakiya na nan da ruwa bayan kwana goma. Wanda ke bin launin saiwar gefe kawai zai yi ta ƙara wa tsakiyar ruwa. Maman Iman, da kika sauya tukunya kin ga irin wannan a gindinsa?

Maman Iman:
Na gani, na kuma tsintsince shi da tsinke har ya fita duka. Saiwoyi uku a cikinsa sun yi laushi, na yanke su a lokacin.

Malam Garba:
To an samu ƙarin bayani. Ya rasa saiwa uku, sannan sauran da suka saba da gansakuka mai danshi kullum suka wayi gari a busasshen ɓawo. Saiwar da ta girma a wuri mai laima ba ta saurin sabawa da bushewa, wasu sukan mutu, ina zaton biyun nan da suka shafe haka ta faru da su. Sababbin da zai fitar a cikin ɓawon su ne za su dace da shi.

Sadiya:
Malam ni tambayata daban. Saiwoyin nawa da suka fito waje suna lilo a iska kullum farare ne, ko na ba shi ruwa da safe kafin rana ta yi sun koma fari. In riƙa ba shi kullum ke nan?

Malam Garba:
A'a Sadiya. Na waje ba a auna ruwa da su, don iska na busar da rigarsu cikin ɗan lokaci, tukunya kuwa tana nan jiƙe. Na cikin tukunya ake kallo, su ma na wajen tsakiya zuwa ƙasa, ba na sama ba.

Ni abu uku nake haɗawa kafin in ba da ruwa, kuma ba na yarda da ɗaya shi kaɗai. Ina duba ko saiwoyin ƙasa sun koma azurfa. Ina duba jikin robar daga ciki, idan akwai raɓa ko ɗigon ruwa a manne to da sauran danshi, wannan an fi ganinsa da sassafe. Sannan in ɗaga tukunyar in ji nauyinta. Maman Iman yanzu tana da lambobinta: 380 a jiƙe, 305 a bushe ƙarau. Kada ta bari ya sake kaiwa 305, don a nan ne ganye ya yamushe. Idan ya sauko wajen 320 zuwa 325, saiwoyin kuma sun yi azurfa, lokaci ya yi. Bayan 'yan makonni hannu zai koyi nauyin, sikelin ya koma wurinsa. Mai shakkar tsakiya kuma, kamar Abba, ya soka tsinken katako har ƙasa ya bar shi a ciki. Idan za a duba sai a zaro a taɓa a bayan hannu: in da sanyi da duhu akwai ruwa, in ya bushe babu.

Nura:
Malam ka ba mu kwanaki kawai mana. Duk kwana nawa?

Malam Garba:
Ba ni da lambar da za ta yi wa kowa, Nura. Manyan gutsattsarin ɓawo sun fi ƙanana saurin bushewa. Ɗaki mai fanka ko na'urar sanyaya iska yana shanye tukunya da wuri. Sabon ɓawo a wuri mai zafi yana iya neman ruwa duk kwana uku ko huɗu, ɓawon da ya shekara a wuri mai sanyi ya kai kwana goma. Ɓawon ma yana sauya hali: bayan shekara ɗaya zuwa biyu yana rugurgujewa, ya toshe hanyar iska, ya riƙe ruwa fiye da kima. Ma'aunin da ya yi daidai a watan farko zai iya ruɓar da saiwa a shekara ta biyu. Ita ma Maman Iman nan gaba za ta ga nauyin jiƙon ya haura 380, kwanakin bushewa sun ƙaru, sai ta bi su.

Anti Ladi:
Ni tukunyar robar nan ce ba na so, wallahi muni gare ta, ga wani kore-kore da ke fitowa a jikinta daga ciki. Na zura tawa a cikin ta tangaran, na huta.

Abba:
Hakan ba laifi Anti, in dai kina zaro ta lokacin ban ruwa, kuma ba kya barin ruwa ya taru a gindin tangaran ɗin. Da yawa a nan suke rasa saiwoyin ƙasa, tukunya na zaune cikin ruwa ba a sani ba. Koren nan kuma haske da danshi da taki ne ke kawo shi, ɗan kaɗan ba ya cutarwa, sai dai idan ya yi yawa yana rufe miki ganin saiwa.

Nura:
Amma ai an ce saiwar na buƙatar haske, tana haɗa abinci kamar ganye. Rufe ta ba zai rage masa ƙarfi ba?

Malam Garba:
Tana haɗawa kam, koren saiwar ba na ado ba ne, har akwai wasu okid marasa ganye da saiwa kaɗai ke ciyar da su. Amma a falanofsis mai ganye biyar aikin na ganye ne. Na ga masu kyau a tukunyar da ba ta nuna komai. A ganina amfanin ta roba ga mai shukar ya fi yawa, don shi ne ke buƙatar gani.

Nura:
Ni dai nawa da na fitar da su daga tangaran sun fi yin saiwa. Ban yarda bambancin ƙarami ne ba.

Abba:
Ko kuma iska ce ta ƙaru musu, ba haske ba.

Maman Iman:
Na dawo da labari. Na jiƙa shi sau biyu tun ranar, duk lokacin da ya sauko kusa da 325. Ganye na uku da ya fara laushi ya dawo da ƙarfinsa. Amma biyun ƙasan har yanzu da layukansu, ko da yake sun ɗan miƙe. In ƙara yawan jiƙon ne? Kuma in sa masa taki ya taimaka?

Malam Garba:
Kada ki ƙara. A daidai nan ne mutane ke tsallakawa daga ƙishirwa zuwa ruɓewar da Abba ya yi magana a kai, suna bin ganyen da ba zai sake yin sumul ba. Ganyen da ya yamushe sosai sau da yawa yana zama da layukansa har ya tsufa ya faɗi, amma muddin kore ne yana aiki, kada a cire shi. Ki daina kallon na ƙasa. Ki kalli bakin saiwoyi: idan kin ga ɗan tsini mai sheƙi, kore ko ja-ja, a ƙarshen saiwa mai launin azurfa, tana girma ke nan. Ki kuma kalli sabon ganyen da zai fito daga tsakiya, ya fito da kauri da ƙarfi. Wannan yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni.

Taki ki jinkirta har sai kin ga sabon tsinin nan. Gishirin taki yana ƙona saiwar da ta sha bushewa, bakinta ya yi baƙi ya daina girma. Idan za ki fara, rubu'in abin da aka rubuta a kwalba ya isa, a kan saiwar da kika riga kika jiƙa, kuma lokaci-lokaci ki kwarara ruwa zalla ta cikin tukunyar ya wanke abin da ya taru. Da safe za ki riƙa jiƙawa. Idan ruwa ya faɗa tsakiyar ganye ki tsane shi da bakin tishu, don ruwan da ya kwana a nan yana ruɓar da zuciyar shukar, ita kuwa guda ɗaya ce.

Abba:
Kirfar da na ce ma a bar ta, ko Malam?

Malam Garba:
A kan saiwa a bar ta, busar da ita take yi. A bakin yankan ganye ko karan fure ne ake ɗan shafa ta.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya: akwai ɗan karan fure da ya fara leƙowa tsakanin ganye na biyu da na uku, bai kai tsawon yatsa ba. In bar shi ko in yanke don shukar ta huta?

Abba:
Ni yankewa zan yi. Fure na shan ruwa da ƙarfi, shi kuma yanzu saiwa yake buƙata.

Anti Ladi:
Haba Abba, a yi ta jira shekara guda sannan a yanke?

Malam Garba:
Da saiwa biyu ko uku suka rage da na bi bayan Abba ba tare da tunani ba. Da bakwai masu rai, ni zan bar shi in sa ido. Idan ganye na uku ya sake laushi alhali ana jiƙawa yadda ya kamata, sai a yanke. Amma ki fara tabbatarwa karan fure ne: bakinsa a ɗan shafe yake, da 'yar tsaga, yana neman sama. Idan zagayayye ne mai tsini sumul yana karkata ƙasa, sabuwar saiwa ce. Ki ɗauko mana hotonsa daga kusa, ta gefe.